Yanka Biyu

A shekara ta biyu ta kullen annoba muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Wangsa Maju, hawa na sha ɗaya, ƙodar maigidana ta yi rauni. Matar da ke tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti ta ce a rage masa furotin, ko a jinkirta kai shi ga injin wankin ƙoda. Ta turo takarda ta waya: da safe burodi yanka biyu, kada furotin ɗinsa ya wuce giram biyar.

Na riƙe "yanka biyu", na manta da sauran.

Da farko na daina sayen farin burodi, na koma na alkama mai dusa, don na taso ina jin shi ne abincin marar lafiya. Bayan haka Malam ya gaji da shi, ya ce in riƙa yi masa tapau ɗin capati, wato in sayo masa gurasar Indiyawa a ƙunshe, a shagon mamak, masu sayar da abinci, na ƙasan benenmu. Biyu nake sayowa. A lissafina biyu biyu ne.

Wata uku muna haka. Aka sake gwajin jini, bai yi kyau ba. Matar ta kira, ta tambayi me yake ci. Da na zo kan capati sai ta ce in auna.

Na ɗauko sikelin da nake auna fulawar cincin. Farin yanka giram talatin, ledarsa ta ce furotin takwas cikin ɗari, wato biyu da rabi. Mai dusa ya ɗan fi nauyi, talatin da biyar, shi kuma sha ɗaya cikin ɗari, kusan huɗu ke nan. Capati ba shi da leda. Takardar matar ta ce wajen takwas cikin ɗari, daidai da fari, amma da na ɗora guda ɗaya sai allura ta tsaya a saba'in. Shi kaɗai ya haura biyar. Ninki biyu nake ba shi kullum, da hannuna.

Malam yana ƙofar kicin yana kallo.

"Hajiya, yau kuma gurasa ake yi wa hisabi?"

"Ni ake yi wa, Malam."

"To Malama, nawa na ci a jarrabawar?"

"Fari biyu, ko mai dusa ɗaya, ko capati ɗaya a gutsure bakinsa. Zaɓi."

"Boleh," ya ce, wato "ba laifi" a yaren garin, ba dariya.

Matar ta ce ba lallai burodin kaɗai ne sanadi ba, ƙoda tana da nata tafiyar. Na ji, ban dai huta ba.

Washegari ya zaɓi capati. Na auna, na yanke gefe, na miƙa masa. Ya cinye a loma huɗu, ya tsaya yana duban guntun da ke kan sikeli. Na jefa shi a bakina ina tsaye, don kada ya roƙa in kasa hanawa.