Gwadabe da Injin Tudun Wada

Mutanen Ba'awa sun san Gwadabe da abu biyu: noman gyaɗa da zancen injin niƙa. Na farkon gado ne, na biyun kuwa a cin rani ya samo shi. Ya taɓa yin wata uku a Kano yana zuba dawa a bakin inji, ya dawo gida fari fat har gira, tun daga nan zuciyarsa ba ta dawo daidai ba. In matarsa Baturiya tana niƙa a dutse da safe, sai ya tsaya yana kallon hannunta yana ajiyar zuciya, har ta ce masa in tausayi ne, ga ɗan dutsen nan, ya karɓa.

Ya ma gina wa injin ɗaki tun babu shi, ya daɓe, ya bar taga ta fitar hayaƙi. Kaji suka gode, suka tare.

A kakar 1956 labari ya zo cewa wani Labaran a Tudun Wada zai sayar da tsohon injinsa fam casa'in, alhali sabo a Kano fam ɗari biyu da arba'in ne. Gwadabe ya je ya gani, ya tambayi abin tambaya, ya dawo yana tafiya kamar ango. Abin da ya mallaka shanu takwas ne na gadon mahaifinsa, suna hannun Hamman, Bafulatanin da ke musu kiwo tun Gwadabe bai fara azumi ba. Sai ya nufi ruga ya ce a kora su kasuwa.

Hamman bai ce a'a ba. Ya sa aka kawo nono, ya bari ya sha, sannan ya yi tambaya kan injin yadda ake tambayar saniya: me take ci, wa ke mata magani, shekara nawa ta rage mata, in ta mutu wa zai sayi fatar?

Gwadabe ba ya ƙarya, wannan ne ciwonsa. Ya ce tsohon injin yana shan man gas galan biyu a yini, sabo kuwa ɗaya, galan sule uku. Hamman ya kwaso tsakuwa, kowace ɗaya fam biyar, suka tsuguna. Yini ɗari uku na aiki: tsoho ya sha fam casa'in, sabo arba'in da biyar. Ga bel, ga wasa faranti, ga makaniki da za a ɗauko daga Kano a yanka masa kaza: tsoho fam ashirin a shekara, sabo biyar. Labaran da bakinsa ya ce shekara uku injin zai ƙara, sabo kuwa goma sha biyu. Da aka raba kuɗin sayen a kan shekarun, mai arahar ya tashi talatin a shekara, mai tsadar ashirin. Tsibin tsoho fam ɗari da arba'in, na sabo saba'in. Abin da matan gari za su kawo na niƙa, in Allah ya so, sule bakwai a yini, wato fam ɗari da biyar a shekara.

Gwadabe ya ce ai in ya mutu ana sayar wa maƙera ƙarfen. Hamman ya tambayi nawa. Fam uku, ƙila. Kuɗin motar da za ta ɗauke shi fa? Gwadabe ya sosa ƙeya.

"Ɗana," in ji Hamman, "saniyar da take cin abin da ya fi nononta, ba ta haihuwa, ba a yanka ta, a wajenmu ko kyauta ba ma karɓa. Sabuwar dai saniya ce. Kuɗinta ne ba ka da shi."

"Baffa, da ka ji kukansa."

"Na ji na kura ma, ban kai ta gida ba."

Gwadabe ya daɗe yana juya tsakuwar nan, ko za ta canza magana. Ya mayar da biyu wancan tsibin, Hamman ya dawo da su ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ran kasuwa ya koma Tudun Wada ba saniya ko ɗaya. Ya gaya wa Labaran ya fasa, in Allah ya ba gyaɗa albarka shekara biyar ko shida, sabo zai saya. Labaran ya ce ba komai, Allah ya nuna mana. Amma Gwadabe bai tafi ba. Ya kwance bakin zane, ya miƙa sule ɗaya na mai.

"Malam Labaran, tashe shi. Ba niƙa na kawo ba."

Aka murɗa hannu, injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Gwadabe ya zauna a kan buhun dawar wani, ya rufe ido, gari na sauka a hularsa, har sulen ya ƙone.