Gaisuwar da Na Kai wa Emeka ta Hanyar Gummi

Anka

Bayan sahur na ɗora buhunan wakena a tasha, muka tashi ƙarfe shida. Juma'a ce cikin azumi, kuma ita ce Juma'ar Kiristoci ta kafin Ista. Hankalina na kan Emeka, maƙwabcin shagona mai kayan babur. Tun da aka fasa masa shago ya tafi garinsu, ya ce ba ya da kowa a Anka, ba zai dawo ba. Yana jin Hausar kasuwa amma ba ya karanta ta, sai da guntun Turancina nake rubuta masa.

A shingen sojoji ina ta fama da rubuta masa gaisuwar ranar, direba ya leƙo wayata. "Baba, mi kaka wahala? Ga hoto, tura mai." Hoton kabari ne a buɗe, da rubutu. Ban tura ba.

Gummi

Na sayar da wake kafin masallaci, ciniki ba yabo ba fallasa. Na nemi Malama Rifkatu, mutuniyar Zuru mai koyarwa a firamare, na nuna mata hoton.

"Alhaji, wannan cewa ya yi Almasihu ya tashi. Imaninmu ne, ba gaisuwa ba. Ka yarda da shi?"

"A'a."

"To Emeka zai gane turawa kawai ka yi. Kuma yau ranar juyayi ce, ba a yi mana murna. Rubuta 'Have a blessed Good Friday', fatan albarka ke nan. 'Happy Easter' sai Lahadi."

Na ce bari in haɗa da Tunde, Bayaraben da ya yi aikin jinya a Bagega. Ta ce, "Sunan nan ba ya nuna addini. Ka taɓa ganinsa a coci?" Sai na tuna tabon salla a goshinsa. Shi "Ramadan Mubarak" na aika masa. Ya amsa nan take. Emeka kuwa na tura masa abin da Malama ta faɗa, shiru.

Bukkuyum

Asabar na wuni gidan Innata. Ta dama mini kunun buɗe-baki, na ba ta labarin Emeka, ta ce, "Wanda ya tafi ya tafi." Na sha kununa. Lahadi da hantsi na hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa, na rubuta "Happy Easter", na ƙara da Turancina cewa shagonsa na nan, ni ke share ƙofar.

Ina cikin motar komawa waya ta yi ƙara, Emeka ne.

"Alhaji! Wane ne ya koya maka Good Friday? Na nuna wa matata, ta yi kuka."

"Kai dai za ka dawo ko in daina shara?"

"Ajiye mini naman Salla. Ina zuwa."

Na iso Anka da la'asar, bayana kamar an doke shi. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Rifkatu. Direba kuwa ya riƙe hotonsa.