Kwanakin da Na Rubuta "Babu Komai"

Ba ni na sayi littafin ba. Wani dattijo ne ya saya mini, magini mutumin wajen Tahoua, da muke ɗaki ɗaya da shi a unguwar Abdulkafi, cikin garin Sabha. Baba muke ce masa. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya ajiye mini kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango da biro a kan katifa.

"Kai da ka yi karatun lakwal," ya ce, "ka riƙa rubuta muna kwanakinmu."

Na yi dariya. "Baba, mi za a rubuta? Mun tashi, mun tsaya bakin hanya, mun dawo?"

Shi bai yi dariya ba. Ya ce zuwansa gida na ƙarshe, ɗiyarsa ta zaunar da shi ta ce ya ba ta labarin shekara uku da ya yi a Sabha, ya buɗe baki ya rasa abin faɗa. Kwanakin duk sun haɗe sun zama guda. Ya ce ba ya son ya sake jin wannan kunya. Abin da ya nema kaɗan ne: bayan sallar asuba in sa kwanan wata, in rubuta layi biyu ko uku kan jiya, abin da muka ci, wanda muka gani, abin da wani ya ce.

Na amsa don girmansa, amma raina bai so ba. Mu 'yan aikin yini muna da irin tamu ƙidayar. Ranar da motar wani Balarabe ta tsaya ya nuna ka da yatsa, ita ce rana. Ranar da ka bushe a bakin hanya har azahar ka dawo da shebur ɗinka a kafaɗa, ba a sa ta a lissafin rayuwa. Da wannan kai na zauna gaban littafin. In an samu aiki sai in rubuta, "Zuba kankare a unguwar Sukra." In ba a samu ba, in sa kwanan wata in rubuta, "Babu komai." A ganina mai rubutu sai ya jira babban abu, ni kuwa babban abu bai san hanyar ɗakinmu ba.

Baba bai iya boko ba. Yakan leƙo ya ga shafi yana cika, ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, Malam." Ban taɓa gaya masa abin da ke ciki ba.

Da lokacin yankan dabino ya zo, ya bi wasu zuwa gona a Wadi Bawanis. Kwana shida da tafiyarsa zazzaɓi ya kama shi. Kafin a samu motar da za ta kawo shi gari, rai ya yi halinsa. A nan Sabha muka yi masa sutura.

Bayan sadakar bakwai wayata ta yi ƙara. Ɗiyarsa ce. Muka yi gaisuwar mutuwa, sannan ta ce, "Yaya, Baba ya ce mini kana rubuta duk kwanakinshi. Ya ce in ya zo za a karanta mini. Don Allah karanta mini yanzu."

Na ɗauko littafin na fara juya shafi. Wata biyu da 'yan kwanaki na yi ina rubutu, amma mutumin da muke cin tuwo kwano ɗaya da shi, sau biyu kawai ya fito a ciki. Zuciyata ta ce in ƙirƙira, wa zai sani? Na kasa yi wa marainiya ƙarya a kan mahaifinta.

Na karanta mata na farko: "Baba ya dafa shinkafa da wake, gishiri ya yi yawa." Na ji ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Na karanta na biyu: "Baba ya ɗinke takalminsa da waya."

"Sai kuma mi?" ta ce.

Na gaya mata gaskiya, cewa sauran ranakun ko dai wurin aiki na rubuta, ko na sa babu komai, kuma waɗannan sun fi yawa. Na ce ta yafe mini. Ina faɗa ina tuna yadda yake hura wutar shayi da kwali, da waƙar noma da yake yi ƙasa-ƙasa in yana wanki, abubuwan da na gani da idona na raina. Ban taɓa jin haushin kaina kamar ranar ba.

Sai ta ce, "To karanta mini su ma. Ai yana da rai a cikinsu."

Na koma shafin farko. Ina faɗin kwanan wata, ina cewa babu komai, tana amsawa da "to" bayan kowanne. Da muka kusa ranar da ya tafi gona, sai na ji na fara karantawa a hankali.