Takardar Bayan Kalanda

Loyis Rwang, 'yar Kabong, shekararta shida tana akawu a wani kamfanin sayar da abincin kaji a Jos. Ba ta da surutu, amma in ta kafe kan lissafi, wallahi ko uban wa ne sai ya haƙura.

Ranar tara ga Janairu, ana gobe odita, mai binciken lissafi, zai zo, ta shiga sito ta tarar da Shu'aibu mai sito yana cire tsohuwar kalanda. Wata takarda ta faɗo daga ƙusa. Ta ɗauka. Inbois ne, takardar neman biya, na kamfanin da ke kawo musu kaya: buhu ɗari biyu, naira miliyan huɗu, an sauke ranar ashirin da tara ga Disamba.

"Baba Shu'aibu, wannan fa?"

"Kai! Direba ne ya ba ni lokacin kuna hutun Kirsimeti. Na soke ta nan don kar ta ɓata."

"Buhunan nan, mun ƙirga su ranar talatin da ɗaya?"

"Da hannunki kika rubuta."

Ta sake duba kwanan watan. An ƙirga kaya a cikin dukiyar kamfani, amma ba a rubuta sayensu ba, balle bashinsu. Ribar bara ta kumbura da miliyan huɗun ƙarya ke nan. Kuma ita ce ta sa hannu a jerin masu bin kamfani bashi. In odita ya gano, ita za a kora.

Ta kai wa manaja, Oga Gyang, wanda bonas ɗinsa daga riba ake yanka shi. Ya kalli takardar kamar an miƙo masa kunama.

"Yau kika gan ta, ko? Sa ta a Janairu."

"Oga, kaya a Disamba suka shigo. Shekarar da ta karɓi buhu ita ke ɗaukar kuɗinsa."

"Ai ba mu biya ba tukuna!"

"Shi ya sa sunansa bashi."

"Loyis, masu neman kujerar nan taki sun fi kajin Kuru yawa."

Ta koma tebur. In ta sa a Janairu, odita ya kama ta. In ta sa a Disamba, oga ya kore ta. Ta buɗe littafin Disamba, ta shigar da miliyan huɗu a sayayya, ta shigar a bashi, ta sake buga jerin.

Washegari odita ta iso, ashe mace ce, Madam Chinonye. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo takardun karɓar kaya na makon ƙarshe na shekara. Ta bi su da biro har ta tsaya kan buhu ɗari biyu.

"Ina wannan a littafi?"

Loyis ta nuna mata. Madam ta duba kwanan wata, ta ja alama, ta wuce.

Oga Gyang ya share gumi. "Ai mu nan ba ma wasa da ƙarshen shekara, Madam."

Sati biyu bai amsa gaisuwar Loyis ba. Amma har yau tana kan kujerarta, kuma ita da kanta ta zare ƙusar nan daga bangon sito.