Diddigen Hodi Rafali

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallon unguwa a Gwadangaji ya san Hodi Rafali, in bai san huskatai ba to ya san ƙafatai, don ƙafar ita ka fara shigowa hili kahin shi. Ɗan Argungu ne, gidan masunta anka haihe shi, amma tun shina ƙarami anka gane ba shi da rabo ga ruwa, in ya shiga jirgi sai jirgin ya karkata, in ya taka bakin gulbi kihi ya watse. Babanai yac ce mai kai tahi tudu ka nemi abincinka. Shi ne yat taho Birnin Kebbi yak kama tuƙin keke napep, Gwadangaji zuwa cikin gari, cikin gari zuwa Gwadangaji, da marece kuma ya rataya usur ya tahi alƙalancin ƙwallo. Wallahi in ka ce mai ya zaɓa tsakanin keken da usur ɗin, keken za shi miƙa maka da makulli.

To matsalatai guda ce, safa. Takalmi dai ya samu na gwanjo, amma safa duk kasuwar Birnin Kebbi babu mai shiga ƙafar Hodi, in ta shiga yatsu sai ta tsaya ga diddige ta ce ita nan ta kai. Matatai Laure kuwa sana'arta saƙa, hular jarirai da 'yan riguna da 'yan safa na ulu waɗanda aka sayen ma masu jego. Da tag gaji da ƙorahi nai sai taz zauna tas saƙa mai baƙar safa doguwa har gwiwa da farin layi ga baki, tac ce ulun da yash shiga ciki ya isa kayan jarirai na unguwa guda. Tana miƙa mai tac ce, "Baban Hanifa, ga ta, amma da sharaɗi. Fason ga na diddigenka kaihi gare shi awa zarto. Ka riƙa shafa man kaɗe, in ba haka ba cinye ta za shi yi."

Yac ce to. Ko sau guda bai shafa ba, wai shi namiji ne ba amarya ba.

Ana nan ana nan damina tas shigo anka fara gasar kohin unguwanni, ciyaman na gasar Alhaji Sunusi mai sayar da taki yac ce Hodi za shi busa wasan kusa da na ƙarshe, in an ga da kyau shi za shi busa na ƙarshen ma. Hodi bai taɓa busa wasan ƙarshe ba tunda yaz zo duniya. Yak koma gida shina ta murna yaj jawo safar don ya wanke, yana zura hannu sai ga yatsunai sun leƙo ta diddige suna gaishe shi. Rami! Ba ƙarami ba, kai ƙwai na iya wucewa.

Yad dubi ɗakin Laure yaj ji tana waƙa tana saƙa, yat tuna man kaɗe shina nan bisa taga ko buɗe shi ba a yi ba. Yac ce a ranshi ina, ba da ni ba. Yac cusa safar cikin aljihu, washegari yac ce mata za shi Argungu gaida dangi.

Yayanai Atiku shina bakin gulbi ƙarƙashin icce shina gyaran taru, don shi duk Argungu in taru ya yage gare shi aka kai. Hodi yag gaishe shi yaf fiddo safar.

Atiku yaɗ ɗaga ta sama yad duba yac ce, "Wagga safa ce ko buhun albasa?"

"Yaya don Allah bar wasa, taimakona za ka yi. Kada Laure ta ji."

"Kai wanga ɗan ramin? Ni da nika rufe wurin da giwan ruwa yab bi ya wuce? Kawo nan."

Yaj jawo zaren roba na taru, yaf fara ɗaura ido-ido yadda yas saba, ko wane ido da ƙulli nai, ya ƙulla ya ja da haƙori, ya ƙulla ya ja da haƙori, har bakin ramin yat tattare wuri guda yay yi tauri. Yam miƙa mai yac ce, "Ƙafarka ta ƙare wanga gyara bai ƙare ba." Hodi yaj ja yaj ji gam, yay yi ta godiya har da sayo mai goro.

Ranar wasa da anka take, farko lahiya lau. Can sai Hodi yaj ji awa ya taka tsakuwa. Can kuma awa tsakuwar ta haihu. Ƙullin nan duk sun taru ƙarƙashin diddige, ko wane taku sai sun ci nama, ga zaren roba ba shi miƙewa ba shi shan zuhwa. Kahin a tahi hutun rabin lokaci Hodi ɗingishi shika yi, bayan an dawo kuwa sai yak kafe tsakiyar hili awa turke, ƙwallo na can bakin raga shi shina nan shina hangen ta da hannu bisa goshi. Anka kayar da ɗan wasa cikin da'irar sha takwas bai gani ba, wani yaf faɗi don kainai can gefe Hodi yab busa. 'Yan kallo sunka ɗau ihu, "Rafali a kawo maka kujera? A kawo maka shayi?" Wani yac ce a shigo mai da keke nai ya riƙa bin ƙwallo da shi.

Da anka tashi Alhaji Sunusi yaj ja shi gefe yac ce, "Hodi mi ya same ka?"

"Alhaji ɗan tuntuɓe ne."

"To ji nan. Jajibirin wasan ƙarshe ka zo hili ka zagaya da gudu ina kallo. In na ga ɗingishi ko kaɗan, usur ɗin wani zan ba. Ba ni son a jefe ni da robar ruwa saboda kai."

Hodi yak koma gida shina taka yatsu awa ɓarawon kaji. Yaz zauna bayan ɗaki ya cire takalmi a ɓoye, safar ta manne ga bororon da yaf fashe, shina jan ta a hankali shina cizon leɓe, sai yaj ji an ce, "Sannu da zuwa Baban Hanifa. Kihi nawa ta kama?"

Laure ce tsaye da buta.

"Wace?"

"Safar mana. Ba taru na gani ga diddige ba? Aikin Yaya Atiku ne wanga, ko cikin duhu na san ƙulli nai."

Hodi yac ce ai shi dama, ai wato, ai dai. Tac ce ya bar ai dai ɗin nan ya miƙo ƙafa. Taw wanke mai ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, yay yi ƙara har akuyar maƙwabta ta amsa, sannan tak karɓe safar taw wanke tash shanya.

Washegari da hantsi taz zauna bisa tabarma tac ce ya zauna ya kalla, yau babu hita da keke sai ya ga wahalar da yaj jawo. Tas sa almakashi tat tsinke ƙullin Atiku ɗaya bayan ɗaya, ramin yab buɗe ya ma hi da, tad datse zarurrukan da sunka yi gashi ga baki. Taɗ ɗauko ludayin fura taz zura kainai cikin safar har bayan ludayin yaz zauna daidai ƙarƙashin ramin, tar riƙe safar ga mariƙin, ba ta ja ta sosai ba.

Hodi yac ce, "Ludayin da nika shan fura da shi?"

"Safarka ce, furarka ce, ku kun san juna."

Sai tab buɗe kwandon ulu, tat tona tat tona tac ce baƙi ya ƙare. Mai kauri daidai da na safar guda ne yar rage, ruwan hoda, wanda tas saƙa ma wata jaririya hula da shi.

"Laure ruwan hoda? Ni? Rafali?"

"In na sa siriri ya tsinke, in na sa wanda ya hi kauri ya yi maka tudu. Wanga shi ad daidai. Kuma wa ka leƙa cikin takalminka?"

Taz zura ulun ga babbar allura mai dakusasshen baki. Ba daga bakin ramin taf fara ba, can baya taj je inda saƙar ke da ƙarhi, tab bi da ƙananan ɗinki ta zagaye wurin. Sannan taf fara shimhiɗa zare a tsaye, ta kama lahiyayyen wuri a sama ta tsallake ramin ta kama a ƙasa, ta juyo ta sake, layi kusa da layi, ko wane juyi ta bar ɗan sako-sako. Hodi yac ce ta ja da ƙarhi mana. Tac ce irin jan da yayanka yay yi? In an wanke ulu shina ɗan tsukewa, kuma ƙafa na son wurin miƙewa. Da tag gama na tsaye taj juya ludayin taf fara na kwance, allura ta hau bisa zare guda ta shige ƙarƙashin na gaba, ta hau ta shige, in ta dawo wanda tah hau ɗazu yanzu ta shige mai, tana tura layin da bakin allura su matsu da juna, sak saƙar tabarma. Hodi shina kallo ramin shina rufewa, baki buɗe. Da tak kai ƙarshe yac ce to ƙulla. Tad dube shi.

"Har yanzu ba ka ƙoshi da ƙulli ba?"

Tas saƙa bakin zaren cikin saƙar ta baya ya ɓace, tay yanke, taz zare ludayin. Yas shafa da yatsa, sumul, babu inda yat tsaya mai. Tam miƙo mai gwangwanin man kaɗe. Yak karɓa yab buɗe.

Kwanakin nan da silifas yay yi ta tuƙi, safe da marece shina shafa mai har ciwon yab bushe. Jajibiri yaj je hili yaz zagaya da gudu, Alhaji Sunusi yac ce ya isa, Hodi yaƙ ƙara wani zagayen don kainai.

Ranar wasan ƙarshe an yi ruwa da safe hili duk caɓi. Hodi kuwa ranar ko 'yan wasan sai da sunka ji haushi nai, duk inda ƙwallo taj je shina nan, mutum ya ja rigar wani a ɓoye ya waiwaya ya gan shi bayanai. Ana gab da tashi anka ɗauko ƙwallo da gudu, shi ma yat take, sai laka tar riƙe takalmi nai na dama, ƙafa taf hito takalmi yat tsaya. Bai waiwaya ba. Yac ci gaba da gudu da safa, diddige na ɗagawa ruwan hoda na walƙiya, na ɗagawa na walƙiya, hili duk ya gani. Yak kai bakin raga daidai lokacin da mai tsaron baya yas sa hannu ga ƙwallo, yab busa fenariti, babu wanda yay yi gardama don kowa ya ga gabanai anka yi, kuma rabin mutane dariya ta hana su magana.

Da anka tashi Alhaji Sunusi da kainai yac ciro takalmin cikin laka yak kawo mai, shina share hawaye yac ce, "Baɗi ma kai za ka busa. Amma don Allah wagga hular jaririn wa yab ba ka aro?"

Tun ranar sunan Rafali yab ɓace, Mai Hoda aka ce mai, har fasinja in za su tsaida keke nai. Atiku da labari yak kai mai Argungu yac ce shi dai har gobe nashi gyaran ya hi ƙarhi. Hodi yac ce ƙwarai Yaya, ga tabon nan ga diddige bai goge ba.