Tikitin Yamai da bai shigo wayata ba

A da, in ka biya kuɗin mota, takarda ake danƙa maka, ka sa a hula. Haka na gani a Kumasi, haka a Abijan, haka a Sakkwato. In an yi gardama sai ka cire hula. Yanzu kuɗi na fita ta waya, tikiti ya shigo ta waya, in ya ga dama.

Shekarar da yanar ido ta rufe mini idon hagu, likitan ido a Yamai ya ba ni randebu, in je ganinsa ranar Talata. Ranar Lahadi na je kantin ɗan wani aminina a nan Dogon Dutsi, mai tura kuɗi ta waya. Na ba shi kuɗin a hannu, ya biya kamfanin motar daga asusunsa, ya sa lambata.

"Baba, tafi gida, saƙo zai zo maka."

Na tafi. Ban ce ya rubuta mini lambar shaidar biya ba. Ni na yanka ragon sunansa. Da wane baki zan nemi shaida a wurinsa?

Saƙo bai zo ba. Na ce rezo ne, layin waya ba kyau. Litinin da safe na isa tasha da jakata. Matar da ke sayar da tikiti ta duba na'urarta, ta sake dubawa.

"Alhaji, babu sunanka."

"Na biya, ɗiyata."

"Ina lambar biyan?"

"Tana wayar wanda ya biya."

"To shi ne matafiyin, ke nan?" Ta yi dariya, sannan ta ga fuskata ta daina.

Ta yi mini bayani a hankali. Wani lokaci kuɗi kan fita, na'urar kamfani ba ta tabbatar ba, kujera ta koma kasuwa. Da lambar nan za a bincika. In an ga kuɗin, ba a hannu za a ba ni ba: inda suka fito can za su koma, asusun mai kanti, kuma sai an yi kwanaki.

Na ce a sayar mini da wani. Mota ta cika, ta yamma ma haka. Na kira mai kantin, ya tafi ta'aziyya wani ƙauye bayan Matankari, wayarsa ba ta shiga. Na zaga wurin ƙananan motoci, na ga yadda ake cusa mutane, na san bayana ba zai kai Doso ba. Na koma gida da jakata.

Bayan kwana biyu ya dawo, ya kai ƙorafi da lambar. Aka ce a jira. Muka jira. Ranar da kuɗin suka koma asusunsa, da kansa ya kawo mini su, ya durƙusa yana ba da haƙuri, alhali ba shi da laifi. Likita kuwa ya ɗaga ni wata biyu, na yi su ina lalube da ido ɗaya.

Har yanzu a kantinsa nake biya. Amma ba na tashi daga bencinsa sai saƙo ya shigo, kuma sai ya rubuta mini lambar a takarda. Kunyar neman shaida ta fita daga kaina, ba ta dawo ba.