Wasiƙar neman aikin Baba

Baba yana koyarwa a wata jami'a mai nisa, sai ƙarshen wata muke ganinsa a Gyadi-Gyadi. Da wata jami'a a nan Kano ta yi sanarwar neman malami a sashen kiwon lafiyar al'umma, ya zauna a tsakar gida bayan la'asar yana rubuta wasiƙa. Ina gefe da littafin lissafina, ban juya shafi ko ɗaya ba.

Ya karanta wa Umma. Kusan duk wasiƙar bincikensa ne kan zazzaɓin cizon sauro, koyarwa kuwa layi biyu.

"Malam, ɗaliban da kake fama da su fa?"

"In ce na iya koyarwa? Ai yabon kai ne."

"To, sai masu ɗaukar aikin su yi duba su gano."

Ya yi dariya, ya rage zancen binciken, ya lissafa darussan da ya koyar, ya nuna zai iya ɗaukar darasin da sanarwar ta ce ana buƙata. Na so ya ƙara cewa 'yarsa tana son ya dawo gida, kunya ta hana ni faɗa.

Ranar Lahadi ya hau motar komawa a tashar Unguwa Uku. Har yanzu amsa ba ta zo ba. Duk sanda wayar Umma ta yi ƙara, nakan ajiye cokali in saurara.